Ka amsa a kan tsohon saƙo ko ka buɗe sabon take?

"Jama'a, na yi intabiyu, manajan ya ce zan ji daga gare su kafin Juma'a, ga shi Juma'a ta wuce shiru. Zan tura imel na tuntuɓa. In danna Reply a kan saƙon da suka gayyace ni da shi, ko in rubuta sabo da take mai jan hankali don ya buɗe?"

Ɗan'uwa, danna `Reply`, kuma kada ka taɓa taken ko da harafi ɗaya.

Aikin da nake kai yanzu ta wannan hanyar na ji labarinsa. Matar da ta yi mini intabiyu ta yi alkawarin rana, ranar ta wuce, na bari aka ƙara kwana biyu na aiki, sannan na koma kan saƙon gayyatar na amsa a ƙarƙashinsa. Kafin a tashi aiki ta dawo mini da amsa, har da ban haƙuri, ta ce ana jiran sa hannun wani babba ne. Bayan na fara aiki na zauna kusa da ita na ga yadda take bi da akwatin imel ɗinta da safe. Da babban yatsa take zazzaga saƙonni a waya, ba ta karanta komai sai sunan mai aikowa da 'yan kalmomin farko. Duk wanda ta ga take ne da ita ta rubuta da hannunta, sai ta tsaya, domin ta san magana ce da ta riga ta fara kuma ana binta bashin amsa.

Dalilin a nan yake. Idan ka amsa a kan tsohon saƙo, manhajar za ta liƙa `Re:` a gaban taken, kuma Gmail da Outlook za su ɗora saƙonka a kan na baya su zama jeri ɗaya. Manajan yana buɗewa zai ga sunan muƙamin, ranar da kuka haɗu, da takardun da ka riga ka tura, duk a wuri guda. Ba sai ya tsaya yana tunanin wane ne wannan ba, ba sai ya shiga bincike ba. Mutumin da ya ga masu neman aiki da yawa a mako guda, abin da ke hana shi amsawa sau da yawa shi ne wahalar tuno ka, kuma jerin ya ɗauke masa wannan wahalar. Amma ka kula, a Gmail idan ka gyara taken, saƙon yana ficewa daga jerin ya tsaya shi kaɗai. Shi ya sa na ce kada ka ƙara masa ko da kalmar "tunatarwa".

To ina za ka sa abin da kake son faɗa, tun da taken ba naka ba ne? A layin farko na saƙon. A waya, ƙarƙashin take akwai ɗan guntun rubutu da ke nuna farkon abin da ke ciki, kuma shi ne takenka na biyu. Mutane da yawa suna cinye wannan wuri da doguwar gaisuwa da fatan alheri, sai manajan ya ga gaisuwa kawai ya wuce. Yi gaisuwar a kalma biyu, ka shiga maganar: mun tattauna ranar Talata kan muƙamin akanta, kun ce za a yanke shawara kafin Juma'a, ko akwai sabuwar ranar da zan sa rai? Tambaya ɗaya ce, kuma zai iya amsa ta da layi ɗaya yana tafiya tsakanin taro da taro. Idan ka haɗa masa tambaya uku, ta albashi da ta ranar farawa da ta sakamako, zai ajiye sai ya samu natsuwa, natsuwar kuwa ba ta zuwa.

Abu ɗaya ka duba kafin ka tura: wa ya aiko gayyatar? Sau da yawa ma'aikacin sashen ɗaukar ma'aikata ne ya rubuta, manajan yana layin `Cc`. Idan haka ne, `Reply all` za ka danna, in ba haka ba saƙon ba zai kai ga wanda ya yi maka alkawarin ba.

Sabon take kuwa, to, yana da ranarsa, amma ranar tilas ce. Idan gayyatar ta fito daga adireshin da ya fara da `noreply`, irin wanda manhajojin karɓar takardun neman aiki ke turawa, amsarka ba ta isa wurin kowa. Haka in ta waya aka kira ka, babu saƙon da za ka hau kai. A nan dole ka rubuta sabo, kuma ka rubuta shi a bushe:

```
Accountant interview, 14 May – next step?
```

Muƙami a gaba, rana a biye, buƙata a ƙarshe. Allon waya yana yanke take bayan haruffa talatin zuwa arba'in, gwargwadon waya da manhaja, don haka abin da zai sa a gane ka shi ne zai fara. Sunanka ba ya buƙatar shiga, yana nan a layin mai aikowa, muddin ka saita shi da cikakken sunanka na takardu ba laƙabi ba. Idan tallar aikin tana da lamba, saka ta, domin da ita suke nemo fayil. Abin da bai kamata ka rubuta ba shi ne `Following up` ko `Checking in` su kaɗai. Ba su ce komai ba, kuma akwatin manajan cike yake da irinsu daga 'yan talla. `URGENT` da manyan haruffa ya fi su muni, gaggawar taka ce, shi ba ta dame shi ba.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka kan masu sayar da kundin "takunan da dole a buɗe". Za ka ga suna tallar ɗaruruwan take da alkawarin kaso kaza cikin ɗari na buɗewa. Yawancin abin da ke ciki an kwaso shi ne daga saƙonnin tallar kaya, kuma babbar dabararsu ita ce ka rubuta `Re:` ko `Fwd:` da hannunka a kan sabon saƙo don ya yi kama da tsohuwar hira. Manajan zai buɗe, gaskiya ne, sai ya ga babu komai a ƙasa, ya gane an yaudare shi, kuma mutumin da yake tunanin damƙa wa amana ne ya yaudare shi. Wasunsu suna haɗawa da manhajar da ke gaya maka wai an buɗe saƙonka. Wani ɗan hoto ne da ido ba ya gani ake ɓoyewa a ciki, in an sauke shi sai a ƙirga an karanta. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple tana iya sauke irin waɗannan hotuna da kanta ko mutum bai buɗe ba, wasu kamfanoni kuma suna toshe su gaba ɗaya. Sai ka biya kuɗi a ce maka an karanta alhali ba a gani ba, ko a ce ba a buɗe ba alhali an karanta. Riƙe kuɗinka.

Tun da Juma'a aka ce maka, bar Litinin ta wuce, ranar akwati yakan cika. Tura da safiyar Talata a agogon inda manajan yake. In mako ya zagayo shiru, ka ƙara sau ɗaya a kan jerin nan dai, da layi biyu, ka ce har yanzu kana da sha'awar aikin kuma a shirye kake ka turo duk takardar da ta rage. Allah Ya sa a dace.