Hukunci a taƙaice ko hukunci da dogon bayani?

"Manhajar da ƙungiyarmu ke tantance buhunan riɗi da ita a Maigatari tana da gurbin `verdict`. Mu zuba dukkan dalilin ƙin karɓa a ciki, ko kalma ɗaya ta wadatar?"

Malam, na yi aiki da hanyoyin biyu, kuma kowacce tana da inda take ciwo.

Idan aka zuba dogon bayani, ma'aikacin da ke gaban sikeli yana jin daɗi, domin yana karanta komai a wuri ɗaya. Sai dai ba shi kaɗai ke karanta gurbin ba, akwai manhajar da ke haɗa rahoto da wadda ke tura saƙon tes ga manoma, kuma su ba sa fahimtar zance. Wani zai rubuta "an karɓa", wani ya rubuta "ba a karɓa ba saboda danshi", to duk manhajar da ke neman kalmar "karɓa" za ta lissafa su a matsayin abu guda. Alamar wannan cuta ita ce a yi `GROUP BY verdict` a ga layukan sakamako sun kusa kai yawan buhunan, maimakon uku ko huɗu.

Batun saƙon tes ya fi damuna, domin kuɗin ƙungiya ne ke zurarewa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ciki sai iyakar ta faɗo zuwa 70, kuma idan rubutun ya wuce haka ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowacce haruffa 67. Ke nan bayani mai haruffa 300 saƙo biyar ne, kuma manoma 200 a ranar kasuwa saƙo 1,000 ne maimakon 200. Ga shi a ƙaramar waya sai manomi ya yi ta latsawa kafin ya gano ko an karɓi kayansa.

Kalma ɗaya kuwa tana da sauri wajen bincike da ƙirge, amma manomin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye ya ga `REJECT` kawai an zalunce shi, don bai san abin da zai gyara ba.

Saboda haka na fi son a raba aikin gida uku:

```json
{"verdict": "REJECT",
 "reason": "MOISTURE_HIGH",
 "note": "Danshi ya yi yawa, a sake shanya riɗin a kawo."}
```

Gurbin `verdict` kada ya karɓi komai sai kalmomin da aka ƙayyade tun farko, haka ma `reason`, kuma a kansu kaɗai sauran manhajoji za su dogara. Shi `note` na mutane ne, a tsayar da shi a haruffa 70 tun wajen shigarwa, kada a bari sai wajen turawa a datse jimla a tsakiya. Cikakken bayani, kamar awon danshi da wanda ya auna, a ajiye shi a wani tebur daban mai lambar buhun, a buɗe shi ranar da manomi ya zo da ƙorafi.