Lamba ko "number": wanne ya dace a rubutun Hausa?

Kalmar aro idan ta zauna a bakin Bahaushe, sai nahawun Hausa ya kama ta. Dubi lamba: tamata ce, shi ya sa ake cewa lambar waya, jam'inta kuma lambobi. Asibiti namiji ne, sai a ce asibitin gari, da asibitoci. Wanda ya bar "number" da haruffan Turanci ba shi da inda zai liƙa wannan -r ta mallaka, balle ya fitar da jam'i. Nan jimla take karyewa.

Hausantarwa na da ƙa'ida. Ana sa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, a ƙara wasali a ƙarshe, kamar a burodi da tebur ko teburi. P kan koma f, kamar a fensir, v kuma ta koma b, kamar a direba.

Siffar asali tana da gurbinta: sunan kamfani, sunan magani a takardar likita, da abin da za a latsa a allo. Sauya harafi ɗaya a sunan magani na iya sa a ba mutum wani daban.