Na daina cewa ana sace min data

Ni dai giga ɗaya da rabi nake saya a wata, iya ƙarfina ke nan, watan jiya kuwa kwana 9 kacal ta yi na danna *323# na ga wayam. Wallahi raina ya ɓaci, har na fara cewa sata ce. Ƙanwata ce ta ce yaya ka shiga Settings ka nemo Data usage mana, yanzu sati 3 ke nan ina bibiyar wajen kullum.

Abin da ya fara ruɗa ni, lissafin wayar daga 1 ga wata yake farawa, ni kuma 17 ga wata nake sayen data, sai ya haɗe min tsohuwar da sabuwar, sai da na maida ranar zuwa 17 sannan lissafin ya yi ma'ana. Nan kam ban ji daɗi ba, sun ɓoye wajen canza ranar a can ciki.

Amma jerin manhajojin ya burge ni gaskiya. In ka taɓa kowacce za ka ga Foreground, wato abin da ta ci kana kallonta, da Background, abin da ta ci waya na aljihu ko kana barci. Wata manhajar bidiyo ta cinye mega 410, a ciki 260 duk a ɓoye ne, abin da ko buɗe ta ban cika yi ba fa. Nan take na kashe mata Background data, kuma tana aiki lafiya in na buɗe.

Babban mai cin kuwa shi ne Hotspot & tethering, mega 600 a rana ɗaya. Ranar da na jona wa ƙanena laftof ɗinsa ya tura takarda guda ce, ashe ita kwamfutar gani take ta samu waifai na banza, sai ta kama sabunta kanta. Yanzu kafin ya jona sai ya kunna Metered connection a nasa ɓangaren. Matsalar dai wayata jimla kawai take nunawa, ba ta faɗin me aka yi da ita.

Data Saver shi ma yana taimakawa, yana hana manhajoji jan data a ɓoye gaba ɗaya, sai dai ranar farko wasu sanarwar ba su shigo ba sai da na buɗe da kaina, shi ya sa na sa WhatsApp a Unrestricted data saboda kwastomomi. Kuma a tawa wayar in yana kunne ba ka iya raba wa wani data, sai ka kashe shi tukun, na fi minti 10 ina zaton waya ce ta lalace. Bidiyon da ka buɗe da hannunka kuwa ba zai hana shi ci ba.

Lissafin waya da na kamfani sukan ɗan saɓa, don haka na sa gargaɗi a giga 1, kuma har yanzu ina duba *323# ɗin. Yau kwana 21 da sayen datar wannan watan, saura mega 480.