Fassarar shafi a burauza: tana da amfani, amma sai ka san inda za ka kashe ta

Na daɗe ina amfani da fassarar nan da Chrome ke yi wa shafi kai tsaye a wayar Android, kuma ra'ayina a kanta shi ne: wajen karanta labari tana biyan buƙata, wajen ciniki kuwa sai da lura. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, kuma yau idan ka buɗe jaridar Faransanci ka ce a juya maka, za ka fahimci wanda ya yi magana da abin da ya faɗa, ko da jimlar ta ɗan yi tauri.

Inda na ga abin ya cakuɗe shi ne wani kantin intanet da nake duba kayan gyaran waya. A Katsina da Turanci yake buɗe mini. Da na tsallaka Maraɗi na sa layin can, sai ya koma Faransanci ba tare da ya tambaye ni ba, domin ya duba inda intanet ɗina ke fitowa ya yanke hukunci da kansa. Faransancin ma ba mutum ya rubuta ba, na'urar kantin ce ta juya shi daga Turanci. Burauza kuma ta ɗauki wannan ta mayar Hausa. Fassara a kan fassara ke nan, kamar saƙon da ya bi ta bakin mutum uku. Sunayen kaya suka jirkice, har na kasa bambance gilashin waya da ledar da ake manna masa. Farashi ma ya so ya ruɗe ni, don a tsarin Faransanci 1.250,50 ko 1 250,50 shi ne abin da muka saba gani 1,250.50.

Kafin ka taɓa komai, gano wanda ya canza harshen. Idan shafin ya fara buɗewa da wani harshe, bayan ɗan lokaci rubutun ya sauya a gabanka, aikin burauza ne. Idan kuwa tun farko da baƙon harshe ya iso, shafin ne ya zaɓa maka, kuma kashe fassara ba zai gyara komai ba. Mutane da yawa a nan suke ɓata lokaci.

Na burauza mai sauƙi ne. A waya ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Settings, sannan Languages. A kwamfuta ka rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://settings/languages
```

Za ka ga jerin harsuna. Wannan jeri ba ado ba ne: duk lokacin da ka buɗe shafi, burauza na aika masa shi, tana cewa ga harshen da mai waya ya fi so, ga na biyu. Shafin da ke mutunta wannan zai ba ka na saman idan yana da shi. Ni na sa Turanci a sama, Hausa a biye, saboda shafukan ciniki kaɗan ne ke da Hausar da mutum ya rubuta. A nan kuma akwai jerin harsunan da ake fassarawa kai tsaye ba tambaya. Na cire Faransanci daga ciki, yanzu sai na nema ake juya mini.

Kantin dai bai kula da jerin nan ba. Sai da na gangara can ƙasan shafin na sami ɗan wurin zaɓen harshe da ƙasa, an rubuta shi ƙanana kamar ba a so a gani. Wata dabarar kuma, ka duba adireshin: idan ka ga `/fr/` a ciki, ka mayar da shi `/en/`, sau da yawa yana aiki. Sai dai zaɓin a cikin burauzarka shafin ke ajiye shi, don haka ranar da ka goge bayanan da burauza ta ajiye, ko ka buɗe ta Incognito, wato yanayin sirri na burauza, Faransancin zai dawo. Idan kana da asusu a shafin, canza harshen a cikin asusun ya fi ɗorewa. Mai amfani da VPN ma ya sani, ƙasar da ya zaɓa ita shafin zai ɗauka a matsayin garinsu.

Ga shafin banki, biyan kuɗi ko cike fom, ina zaɓar Never translate this site daga menun fassarar. Sunan mutum, sunan unguwa da sharuɗɗan mayar da kaya, gara in karanta su yadda aka rubuta su, in ya so abin da ya shige mini duhu in kwafe shi in fassara daban.