Motar da birkinta ke cajin batir: wacce ta dace da titunan Zariya?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dillalan mota a Zariya suka samu sabuwar magana. Ka tsaya kusa da Prius ko Camry haibirid, wato mai injin fetur da na lantarki tare, sai dillali ya dafa bonet ya ce, "Alhaji, wannan da kanta take cajin kanta, da ka taka birki batir ya cika." Da gaskiya a maganar, amma an zuba mata gishiri. Birkin yana maido da wuta, sai dai yawan abin da yake maidowa ya danganta da irin motar, da lafiyar batirinta, da kuma hanyar da kake bi kullum.

Wanda ya taɓa hawa keke mai dainamo ya riga ya san rabin labarin. Da ka jingina dainamon a jikin taya, fitila ta kama, feda kuma ta ƙara nauyi. Nauyin nan da kake ji a ƙafa shi ne birkin. Injin lantarkin da ke juya tayoyin mota, idan ka ɗaga ƙafa daga totur, tayoyin ne suke komawa suna juya shi, sai ya zama janareto. Jan da yake yi wa tayoyi yana rage gudun motar, wutar da ya samar kuma ta bi ta inbata ta shiga batir. A motar fetur zalla, wannan ƙarfin gudun duka zafi yake zama a fad da faifan birki, iska ta kwashe. Wanda ya taɓa kai hannu kusa da wilin motar haya bayan ta sauke fasinja a Kwangila ya ji inda man ya tafi.

Bari mu sa lissafi, mu auna da yunit irin na mitar gida, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Ƙarfin gudun da ke cikin mota shi ne ½ × m × v², inda m ke nufin nauyi, v ke nufin gudu, gudun kuma da kansa ake ninka shi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana ɗauke da kusan yunit 0.04. A ce malami ne yana zaune a Tudun Wada yana aiki a Samaru, ya bi ta PZ da Kwangila, a ce kuma tsakanin masu adaidaita da ke tsayawa ba sigina, da tudun rage gudu, da mahaɗar hanya, ya rage gudu har kusan tsayawa sau 20. Jimilla yunit 0.8 ke nan. Ba duka ake samu ba, domin akwai asara a injin, a inbata, a shigar wutar cikin batir da fitowarta. Idan an ci sa'a kashi 60 cikin 100 ya dawo ga taya, an samu kusan rabin yunit. Litar fetur tana da zafin kusan yunit 9, amma abin da injin ke kaiwa ga taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Don haka rabin yunit ɗin nan ya yi daidai da kashi ɗaya cikin shida na lita. Zuwa da dawowa, kwana 22 a wata, malaminmu ya tsira da kamar lita 7.

Lita 7 ba abin yarwa ba ce, amma ba ita ce "batir ya cika" ba. Sauran sauƙin man da haibirid ke yi daga wani wurin yake zuwa: injinta yana mutuwa a gosulo, kuma an ƙera shi don tsimin mai. Idan kuwa aikinka Zariya zuwa Kaduna ne ko Kano, ka miƙe a babban titi kana taka birki jefi-jefi, to birkin nan bai da abin da zai tara maka. Man da ka ƙona wajen ture iska ya tafi ke nan, babu janareton da zai dawo da shi. Ga shi ƙasarmu shimfiɗe take. Mutumin Jos ko mai gangarowa daga Mambila, idan batirin motarsa babba ne, ya fi mu morar wannan fasaha nesa ba kusa ba.

Abin da ya raba motocin da ke kasuwa shi ne faɗin maƙogwaron batir, wato yawan wutar da zai iya haɗiya a lokaci guda. Mu koma ga motar malamin. Idan ya hango tsayawa tun daga nesa ya taka a hankali cikin daƙiƙa 10, wutar tana zuwa a matsakaicin kilowat 14 zuwa 15. Idan ɗan acaɓa ya gitta masa ya taka cikin daƙiƙa 3, ƙarfin ya kai kusan kilowat 48. Batirin tsofaffin Prius, wanda girmansa yunit 1.3 ne kacal, yana karɓar abin da bai wuce kilowat 20 da 'yan kai ba. Duk abin da ya haura haka, kwamfutar motar tana miƙa shi ga birkin fad, ya zama zafi kamar a kowace mota. Haka kuma idan gudu ya sauko ƙasa da kilomita 10 a awa, janareton ba ya samun abin kirki, fad ne ke ƙarasa tsayar da motar. Shi ya sa mutum biyu za su tuƙa haibirid iri ɗaya a hanya ɗaya, mai ƙafar gaggawa ya dawo yana cewa an yaudare shi.

Cikakkiyar haibirid, irin Prius da Toyota ta fara sayarwa a Japan a 1997, da Camry da Corolla masu irin tsarinta, ita ce ta fi dacewa da yawancin mutanen garin nan a ganina. Ba ta neman soket, kuma ƙaramin batirin nata ya ishi tsaye-tsayen cikin gari, tunda kowace tsayawa ɗan kaɗan take kawowa, tashi na gaba ya cinye. Rauninta dogon gangare ne, inda batir ke cika cikin 'yan mintuna, mu kuwa ba mu da shi. A giyarta za ka ga harafin B. Kar ka bar giyar a kan B cikin gari da sunan ƙarin caji. An yi shi ne don gangare, yana sa injin fetur ya riƙe motar, wato yana zubar da wani ɓangare na ƙarfin da da batir zai samu.

Akwai kuma wadda ake liƙa wa sunan haibirid alhali ƙaramin janareto ne mai bolt 48 aka haɗa da injin, sau da yawa da bel. Tana maido da wuta kaɗan, tana taimaka wa injin wajen tashi, amma galibinsu ba sa tafiya da lantarki zalla. Ba laifi ba ce, kawai kar a karɓi kuɗin doki a ba ka jaki.

Motar lantarki zalla, irin Nissan Leaf ko Hyundai Kona, ita ce gwanar wannan fage. Batirinta ya ninka na haibirid sau da yawa, don haka ko takun daƙiƙa 3 ɗin nan tana iya haɗiye mafi yawansa. Kona tana da 'yan maɓallai a bayan sitiyari da ake ƙara ko rage ƙarfin riƙon da su, Leaf kuma daga samfurin 2018 tana da e-Pedal, wanda ɗaga ƙafa daga totur kaɗai ke tsayar da motar. Amma a duba lissafin da kyau. Motar da ke cin yunit 0.15 a kowace kilomita, rabin yunit ɗin malamin kilomita 3 kawai zai ƙara mata. Ragowar dole daga soket zai fito, kuma kowa ya san halin wutarmu. Wanda bai da sola mai ƙarfi a gida ko layi mai samun wuta sosai, birki ba zai fitar da shi kunya ba. Wani abin da ke ba sababbin shiga tsoro: ranar da ka yi caji har kashi 100, da ka ɗaga ƙafa sai ka ji motar ta zarce ba ta riƙe ba. Ba lalacewa ba ce, randa ce ta cika, babu wurin zuba ƙari. Mai filogi da injin fetur tare tana tsakanin biyun, batirinta ya fi na haibirid karɓa, amma idan ba ka cajinta, nauyi kawai kake ɗauka.

Masu neman adaidaita ko babur na lantarki su yi tambaya ɗaya. Injin da ke cikin tayar kai tsaye yake juyawa da ita, ko mai giya ne da ke sakin taya ta yi firi? Na biyun ba ya maido da komai. Ko na farkon ma, adaidaita mai kilo 700 da fasinja a gudun kilomita 40 yunit 0.012 take ɗauke da shi, kuma batirin dalma ba ya son a ɗura masa wuta da gaggawa kamar na litiyom.

Tunda yawancin abin da za mu saya 'yan Kwatano ne da suka sha hanya, gwaji ya fi takarda. Ka hau titin Sakkwato wajen Shika lokacin da babu cunkoso, ka kai kilomita 60, ka taka birki a hankali kana kallon dashbod. Ya kamata alamar da ke nuna shiga da fitar wuta ta sauka cikin yankin da aka rubuta CHG ko CHARGE ta zauna a can har ka kusa tsayawa. Sannan ka lura da sandunan batir. Batirin da ya gaji kamar ƙaramin kofi yake, taku biyu ya cika, tashi biyu ya koma ƙasa, injin fetur kuma ya dinga tashi yana mutuwa ba dalili. Dillali zai nuna maka saurin cikar a matsayin abin yabo, alhali alamar tsufa ce. A saka mata kwamfuta a gabanka. Lambar P0A80 na nufin batirin haibirid ɗin na neman canji, kuma idan ka ga ba a daɗe da goge lambobi ba, ka tambayi dalili.

Ka kashe rediyo ka saurara. Irin waɗannan motoci suna da ƙaramin famfon lantarki da ke tara wa birki matsi. Ƙugin daƙiƙa kaɗan lokaci-lokaci daidai ne, amma idan yana tashi kowane ɗan lokaci motar na tsaye ba ka taɓa birki ba, matsin na zurarewa, gyaran kuma ba na kuɗin shayi ba ne. Daga nan ka leƙa gefen kujerar baya ka nemo 'yar tagar da fankar batir ke shaƙar iska ta cikinta. Ƙurar hunturu tana toshe ta, wani kuma ya jingina mata jaka ko buhu. Batirin da ya ɗau zafi, kwamfuta tana rage masa wutar da yake karɓa don kar ya ƙone, sai ka ga a watan Maris da Afrilu motar ta fara shan mai ba a san dalili ba. Idan fankar na ihu tun ba a yi nisa ba, a buɗe a duba kafin a yi ciniki.

Fad ɗin birki kan daɗe sosai a waɗannan motoci tunda ba ya yawan aiki, amma rashin aikin ma yana da nasa ciwon. Da damina faifan kan yi tsatsa, fil ɗin da ke riƙe fad ya ƙafe, sai gefe ɗaya ya cinye ɗayan na nan sabo. Ka sa makanike ya cire taya ɗaya ta baya ka gani da idonka, kuma ka tabbata ya san cewa famfon nan yana iya tashi da kansa ko motar a kashe take, kafin ya sa yatsa tsakanin fad da faifai.