Zanen saƙin da na saya a kasuwar Wunti, da yadda na gane na hannu ne

Wanda zai sayi tsohon saƙi a Bauchi, shawarata ita ce ya fara duba gefen ƙwarya, wato siririyar saƙar da ake jerawa a haɗa zane, kafin ya dubi launi. Zanen da nake magana a kai na saye shi ne a wajen wani dattijo mai sayar da kayan da a kasuwar Wunti, na ɗaura shi, na wanke shi, kuma na gamsu cewa kuɗina bai tafi a banza ba, duk da ya ninka kuɗin na kanti sau da yawa.

Masaƙin gargajiya mai saƙa irin wannan zane ba ya fitar da yadi mai faɗi. Ƙwarya yake saƙawa, siririya, wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sannan a jera ƙwaryoyin a haɗa su da allura. Kowace ƙwarya tana da nata gefe biyu da suka rufe kansu, domin ƙoshiyar saƙa idan ta kai ƙarshe juyowa take yi da zaren, babu inda aka yanke shi. Dattijon ya juya mini zanen ta ciki ya ce, "Hajiya, sa farce ki buɗa ɗinkin nan." Na buɗa, sai ga zaren ya lanƙwaso ya koma ciki a kowane layi, gefen yana ɗan shiga yana ɗan fita gwargwadon yadda hannun masaƙin ya ja. Ɗinkin haɗin ma na hannu ne, wani taku ya fi wani tsawo, kuma ƙananan gidajen fari da baƙi na wannan ƙwarya ba su faɗa daidai kan na maƙwabciyarta ba.

Na kanti da ya ɗauko don in gwada su, yadi ɗaya ne shimfiɗe, an yi masa layuka masu kama da haɗi, amma ka ja ka ga babu abin da ke rabuwa. Akwai kuma masu wayon da ke yanka yadin inji sala-sala su sake ɗinkewa. Su ma gefen ne ke tona su: za ka tarar da zare a yanke yana zarewa, ko an bi bakin da keke, ko ya yi tauri saboda an ƙona shi. Wannan gwajin shi na fi yarda da shi, don ba na jin akwai dabarar da za ta mayar da yankakken zare ya juyo da kansa.

Sai zare. Na ɗaga zanen ga rana, na ga kaɗin mazari sarai: nan kauri, can siriri, da ɗan kulli-kulli, har da ɓurɓushin ɓawon gurya a cikin farin. Zaren inji kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Sai dai a yi hattara, masaƙanmu sun daɗe suna saƙa da zaren kanti, saboda haka zare mai santsi ba ya nuna cewa inji ne ya saƙa, abin da yake nunawa shi ne ba kaɗin hannu ba ne, kuma bai kamata a biya shi kuɗin na kaɗi ba. Da izininsa na zaro silin zare ɗaya daga bakin zanen na kyasta masa ashana. Ya ci da warin takarda, ya bar toka mai laushi, wato auduga ce. Na kantin kuwa narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda.

Rini shi ne mafi raunin shaida. Mutane na goga farin ƙyalle, in ya yi shuɗi su ce baba ne, alhali baban kanti ma yana zuba. Abin da na duba shi ne ciki da waje launi ɗaya ne, tunda zaren aka rina kafin a saƙa, kuma da na warware sili na ga tsakiyarsa ta fi samansa haske, don baba a bayan zare yake kwanciya. Inda aka daɗe ana ninkewa ya koɗe zuwa shuɗi mai haske, bai koma ja-ja ko toka-toka ba. Na bugawa kuwa bayansa fari-fari yake.

Aibinsa biyu. Ya zo da warin ajiya wanda sai da na shanya shi a inuwa kafin ya tafi, kuma ɗinkin haɗi ya saki a wuri ɗaya bayan wanki, na kai aka kama da allura, na hana a sa masa keke don kada ya keta gefen. Ruwan sanyi da sabulu kaɗan nake wanke shi, shi kaɗai, ba na murzawa. Zan sake saye a wajen dattijon, musamman don bai hana ni juya zane da zare sili ba kafin mu yi ciniki.