Sharhi: Text to Columns na Excel wajen mai da takardar kuɗin kaya jadawali

Akwai masu kawo kaya da ke rubuto takardar kuɗinsu kamar wasiƙa, suna da adadi da farashi duk a cakuɗe. Na daɗe ina amfani da Text to Columns wajen warware irin wannan, kuma yana biya mini buƙata, muddin na gyara masa rubutun tukuna.

Ga wata da ta zo mini: "takardar firinta 12 a kan 1,500; tawada 3 a kan 8,250; fayil dozin 2 a kan 400 kowane guda; jimla 52,350".

Da farko na sa kowane kaya a layinsa, daga layi na 2 zuwa na 4. Da Ctrl+H na sauya "a kan" da alamar |, sannan na sa irin wannan alamar da hannu tsakanin suna da adadi. Daga nan na zaɓi layukan uku, sai Data, Text to Columns, Delimited, na rubuta | a gidan Other. Nan take suna ya zauna a A, adadi a B, farashin guda a C. Kada dai a zaɓi Comma, don waƙafin da ke cikin 1,500 zai tsaga shi gida biyu, 1 daban, 500 daban.

Jimlar kowane layi a D, a ja ta daga D2 zuwa D4, da ta ƙarshe kuwa:

```
=B2*C2
=SUM(D2:D4)
```

Layin fayil ne ya fi cin lokaci. "Dozin 2" da "400 kowane guda" ba lambobi ba ne a wurin Excel, don haka gidan jimla ya nuna #VALUE!. Ni ina ganin wannan alheri ne, gara ya yi ƙorafi da ya yi shiru. Haɗarin yana wajen gyara: in mutum ya goge kalmomin kawai ya bar 2 da 400, layin zai ba da 800, jimla ta tsaya a 43,550, babu wani gargaɗi. Abin da zai tona asirin shi ne jimlar da mai kaya ya rubuta, 52,350. Giɓin 8,800 ne, in ka raba da 400 ka sami 22, wato fayil 22 ne suka ɓace. Dozin biyu guda 24 ne, kuɗinsu 9,600. Haɗa da 18,000 na takarda da 24,750 na tawada, lissafi ya fito daidai.

Shi ya sa ba na goge jimlar mai kaya, nakan ajiye ta a gefe har sai ta yi daidai da tawa. Nakan kuma duba inda lamba ta jingina: in ta koma hagun gida, galibi a matsayin rubutu take, kuma SUM tsallake ta yake yi.

Ga doguwar takarda mai tsari iri ɗaya, Text to Columns yana rage wahala sosai. In layi uku ko huɗu ne, kowanne da salonsa, buga su da hannu ya fi sauri.